Kunne ɗaya na ɗaukewa in igiya ta motsa: a ina ta tsinke?

Assalamu alaikum Malam. Ina da hedifon mai igiya, mai makirfo, da shi nake sauraron karatu kullum. Kwanan nan kunnen hagu ya fara ɗaukewa. In na taɓa igiyar sai ya dawo, in na ɗan motsa kuma ya tafi. Na duba daga sama har ƙasa ban ga inda ta yanke ba. Wata ƙawata ta ce sifikar ce ta ƙone, yayana kuma ya ce in naɗe ta da tef. Kyauta aka ba ni shi, ba na son jefarwa. Yaya zan yi in gane wurin da matsalar take?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki yanke komai tukuna, kada kuma ki naɗa tef. Aikin da ke gabanki yanzu shi ne ki nemo wuri ɗaya a jikin igiyar, wanda bai wuce faɗin yatsu biyu ba, inda za ki iya kunna sautin ki kashe shi da hannunki yadda kika ga dama, alhali ko'ina bai motsa ba. Sai kin samu wannan wurin sannan a yi maganar almakashi. Yawancin waɗanda suke lalata hedifon ɗinsu wajen gyara, a nan suke yin gaggawa: su ji sauti ya dawo lokacin da suka taɓa wani wuri, su ce nan ne, su yanke, ashe ciwon yana can gaba.

Game da maganar ƙawarki, ki kwantar da hankalinki. Sifikar da ta ƙone ba ta tashi don an lanƙwasa igiya. Tunda kunnen yana dawowa da cikakken sautinsa, sifikar tana da rai, hanyar da wuta ke bi ta isa gare ta ce ke haɗuwa tana rabuwa.

Dalilin da ya sa idonki bai ga komai ba yana cikin yadda aka ƙera igiyar. In aka fere robar waje, abin da ke ciki ba waya ɗaya ce mai kauri ba. Damman silin jan ƙarfe ne, kowane sili kamar gashi, an murɗe su tare, galibi an haɗa da zaren roba mai ƙarfi a tsakiya don ya ɗauki ja. Kowane dami an shafe silinsa da wani siririn fenti mai hana wuta tsallakawa, shi ya sa za ki ga wani ja, wani kore ko shuɗi, wani launin jan ƙarfe. Jan ƙarfe kuwa in ana lanƙwasa shi a wuri ɗaya yau da gobe, taurarewa yake yi har ya karye. Silin ba sa karyewa rana ɗaya. Yau biyu, gobe uku, kina ta ji lafiya lau domin sauran suna ɗaukar aikin, har ranar da na ƙarshe ya tafi. Robar waje ita tana miƙewa ta koma, ba abin da ke samunta. To bakunan biyu da suka rabu suna nan daf da juna cikin robar, in kin lanƙwasa ta wannan gefen su haɗu, in kin saki su rabu. Abin da kunnenki ke ji ke nan.

Kafin ki ɗora wa igiyar laifi, ki wanke wayarki daga zargi, abu ne na minti biyu. Sa hedifon ɗin a wata waya ko kwamfuta, sannan ki sa wani hedifon mai lafiya a taki wayar. In matsalar ta bi hedifon ɗinki zuwa ɗaya na'urar, igiya ce. In kuwa mai lafiyar ma ya fara ɗaukewa a wayarki, ramin wayar ne. Sau da yawa ƙurar aljihu da zaren tufafi ne ke danƙarewa a ƙasan ramin su hana filogi shiga har ƙarshe. A kashe wayar, a sa tsinken katako siriri a hankali a zaƙulo, ban da allura ko wani ƙarfe. Ki kuma cire rigar wayar, domin wata rigar bakinta na tokare filogin. Goge ƙarfen filogin da ƙyalle mai tsabta. Akwai kuma saitin Balance a cikin waya, wanda ke karkatar da sauti zuwa kunne ɗaya, amma shi ba ya zuwa ya tafi da motsin igiya, don haka kallo ɗaya ya isa.

Yanzu ga gwajin da ya fi kowanne muhimmanci. Ki zauna a gaban tebur, kada ki yi shi a tsaye ko a kwance. Abin da za ki kunna ya zama sauti mai tafiya ba tsayawa, kuma iri ɗaya a kunnuwan biyu. Waƙar da kiɗanta ke yawo tsakanin hagu da dama, ko mai yawan shiru, za ta ruɗe ki. Karatun da kike saurara zai yi in mai maganar ba ya yawan tsayawa, amma ƙarar da ba ta yankewa ta fi. In wayarki na da Mono audio a cikin saiti, ki kunna shi. Rage ƙarar zuwa matsakaici, domin lokacin da silin ke haɗuwa yakan yi ƙaras mai ƙarfi a kunne. Sa kunnen hagu kaɗai, ki ajiye na dama a gefe. In duka biyun suna kunnenki, na dama zai rufe miki ƙananan canje-canjen da kike nema.

Ajiye wayar a kan tebur ki danne ta da littafi. Shimfiɗa igiyar, kada ki ja ta ta miƙe tsam, ki bar ta sakwa-sakwa. A nan ne tef ɗin yayanki zai yi amfani: ki manne igiyar da teburin a wurare uku ko huɗu, kusa da filogi, kafin mararrabar da igiyar ta rabu biyu, da bayanta, da gefen akwatin makirfo. Dalilin wannan wahalar shi ne motsi yana tafiya a jikin igiya. In kika girgiza tsakiyarta, jan yana isa har gindin filogi da gindin kunne, sautin ya motsa, ke kuma ki ɗauka tsakiyar ce. Manne ta da tebur shi ke raba ta gida-gida, kowane gida a gwada shi shi kaɗai.

Fara da filogin. Kama ƙarfensa da gangar jikinsa da hannu ɗaya ki riƙe gam, kada ya juya ko ya motsa cikin ramin. Da ɗaya hannun ki lanƙwasa igiyar daidai inda ta fito daga gindinsa, inda robar nan mai tsaga-tsaga ta ƙare. Lanƙwasa sama, ƙasa, dama, hagu, a hankali, kina tsayawa kaɗan a kowane gefe. Sannan ki yi akasin haka: riƙe igiyar kada ta motsa, ki juya filogin kaɗai cikin ramin. Bambancin nan yana da amfani ƙwarai. In juya filogin ne ke kawo ƙaras-ƙaras, tsakanin ƙarfen filogi da ramin ne, datti ko sassaucin ramin. In lanƙwasa igiyar ne alhali filogin yana tsaye, sili ne ya tsinke a gindinsa. A cikin hedifon da aka kawo mini da irin wannan kukan, gindin filogi ne ya fi ko'ina yawa, saboda nan ne ke lanƙwashewa duk lokacin da aka cusa waya a aljihu ko jaka da hedifon a jiki.

In nan bai amsa ba, ki hau igiyar. Kama ta da babban yatsa da manuni na kowane hannu, tsakanin hannuwan kamar santimita 3. Hannun da ke baya shi ne mai tsaro, ba ya motsi. Na gaba shi ke lanƙwasawa. Kin gama, ki matsa gaba kamar santimita 2, ki sake. Kada ki tsallake, kuma ki daɗe a wurare huɗu: gindin filogi, gefe biyu na mararraba, gefe biyu na akwatin makirfo, da inda igiya ta shiga cikin kunnen. Duk inda abu mai laushi ya haɗu da mai tauri, nan ne lanƙwasa ke taruwa. Tsakiyar igiya ba ta cika tsinkewa haka kawai ba, sai in ƙofa ta datse ta, ko ƙafar kujera ta taka, ko an taɓa ƙulla ta. Shi ya sa yana da kyau ki bi ta da yatsu idonki a rufe. Wurin da silin ya tsinke yakan fi sauran laushi, ya lanƙwashe da kaifi maimakon ya yi baka, wani lokacin ki ji ɗan ƙulli ko ɗan rami a ƙarƙashin robar.

In kin samu wurin da kike zargi, ga yadda za ki tabbatar, kuma wannan ne mutane da yawa ba su sani ba. Daina lanƙwasawa. Riƙe gefe biyu na wurin, ki tura hannuwanki zuwa juna kamar mai son gajarta igiyar. In silin a nan ya rabu, turawar za ta haɗa bakunan, sautin ya dawo ya zauna. Sannan ki ja su kaɗan, ja mai sauƙi, sautin ya tafi. Tura, ya dawo. Ja, ya tafi. In kin yi haka sau biyar a jere ya amsa duk biyar ɗin, kin samu. Ɗaura zare ko ki manna ɗan tef a wurin nan take, domin in kika ɗauke ido za ki ɓace shi. In kuwa sau biyu ya amsa sau uku ya ƙi, ba ki iso ba tukuna, kina kusa ne kawai, ko kuma motsin yana zillewa zuwa wani wurin. Ƙara tef ki rage tazarar.

Kunnenki ma yana ba da labari, in kin san abin da za ki saurara. Kowane kunne yana buƙatar hanya biyu, ta zuwa da ta dawowa. Ta zuwan kowa da tasa, amma ta dawowar, wadda masu gyara ke kira giraun, a filogi ɗaya ce ga kunnuwan biyu. In kunne ɗaya ne ya yi tsit ɗayan yana lafiya, ko dai silin zuwan wannan kunnen ne, ko nasa silin dawowar a inda yake tafiya shi kaɗai. Amma in giraun ɗin da suke tarayya a kai ne ya tsinke, ba kunne ɗaya ke mutuwa ba. In Mono audio a kashe yake, duka biyun za su yi sauti siriri mai nisa, muryar mai magana ta kusan ɓacewa, kiɗan gefe kaɗai ya rage. Duk wanda ya ji haka ya nufi filogi kai tsaye, ko dai silin giraun a gindinsa, ko filogin bai shige ramin duka ba. Ki lura kuma da makirfo da maɓallansa: in su ma suna ɗaukewa tare da kunnen, alama ce tsinkewar tana ƙasa, wajen filogi, inda duk silin ke tafiya tare.

Idan kina iya samun mita, irin wadda masu gyaran lantarki ke auna waya da ita, za ta faɗa miki abin da kunne ba zai iya ba. Dubi filogin naki, mai kaurin milimita 3.5. Tunda yana da makirfo, za ki ga baƙaƙen zobba uku sun raba ƙarfen gida huɗu. A tsarin da yawancin wayoyin yau ke bi, gidan farko, wato tsinin, na kunnen hagu ne. Na biyu na dama. Na uku giraun. Na huɗu, wanda ke jikin roba, na makirfo. Wasu tsofaffin hedifon sun sauya na uku da na huɗu. Wanda ba shi da makirfo kuwa zobba biyu ne da gida uku: hagu, dama, giraun.

Cire hedifon ɗin daga waya. Juya mitar zuwa alamar Ω, in mai zaɓen mataki ce ki sa a 200. Ban ce ki sa a wurin da ke yin ƙara ba, domin mitoci sun bambanta wajen iyakar da suke yin ƙarar, kuma ƙananan sifikun nan suna daidai bakin iyakar, wata mitar ta yi kuka wata ta yi shiru a kan hedifon ɗaya. Lamba ta fi gaskiya. Yawancin hedifon na waya sifikarsu tana tsakanin om 16 da 32.

Bari mu bi misali har ƙarshe. A ce sifikunki na om 32 ne. Kin ɗora tsinken mita ɗaya a gida na biyu, ɗaya a na uku, ta nuna 33. Wannan shi ne kunnen dama, lafiyarsa ƙalau, ɗan abin da ya hau na igiya ne da na tsinkayen mitar. Yanzu kin san lambar da mai lafiya ke bayarwa, kin kuma tabbatar gida na uku ne giraun. Sai ki mayar da tsinke ɗaya kan tsini, ɗayan yana nan a na uku. Mita ta nuna OL, wasu mitocin kuma lamba 1 kaɗai suke nunawa a gefen hagu. Ma'anarsa hanya a yanke take. Ba tare da kin ɗaga tsinkayen ba, wani ya tura miki igiyar a wurin da kika ɗaura zare. Lambobi suka yi tsalle, suka sauko, suka zauna a 33. Ya saki, ta koma OL. Shi ke nan, shaida biyu sun haɗu, kunne da mita. Aikin na son hannu uku, don haka ki nemi mai taya ki, ko ki sami tsinkayen da ke da ɗan matsi mai cizo.

Akwai sakamako biyu da za su iya zuwa dabam, kuma kowanne da nasa labarin. Na farko, in lokacin da sautin ya ɗauke lambar ba OL take komawa ba, faɗowa take kusa da sifili, to ba tsinkewa ba ce. Fentin silin ne ya goge, silin hagu na taɓa na giraun, wutar tana komawa tun kafin ta isa sifika. A kunne kusan iri ɗaya ne da tsinkewa, sai dai shi yakan faru in an matse ko an murɗa wurin, ba in an ja ba. Maganinsu ɗaya, a yanke wurin a zubar. Na biyu, in OL ta ƙi motsi duk inda aka taɓa, ko dai bakunan sun yi nisa da juna har turawa ba ta haɗa su, ko matsalar tana cikin kunnen kansa. Wannan shi ke faruwa in aka daɗe ana lallaɓa igiya ana ci gaba da amfani da ita. Saboda haka nake so ki yi gwajin nan a makon nan, tun tana amsawa. Igiyar da ke zuwa tana tafiya tana nuna miki inda ciwonta yake. Ranar da ta yi shiru gaba ɗaya, sai dai a yi ta yanka ana aunawa.

Wani zai ce miki ki soka allura cikin igiyar ki auna daga nan. A bar wannan dabarar ga manyan wayoyi masu kauri. A igiyar hedifon silin sun yi ƙanƙanta kuma suna da fenti, allurar ko ta kuskure su, ko ta goge fentin ta haɗa biyu, ki ƙara wa kanki matsala ta biyu.

To an samu wurin, sai me? Ya danganta da inda yake.

In gindin filogi ne, kin yi sa'a, shi ne gyara mafi sauƙi kuma mafi ƙarko. Ba a ƙoƙarin ceto tsohon filogin, domin narkakkiyar roba aka zuba masa. Ana yanke igiyar kamar santimita 3 sama da alamarki, saboda silin da ke maƙwabtaka da wurin su ma sun gaji. A sami sabon filogi mai gida huɗu irin wanda ake kwancewa. Kafin komai a zura murfinsa a jikin igiyar, domin in aka gama haɗi aka tuna da shi, sai an warware duka. A fere robar waje kamar santimita ɗaya da rabi, a ware damman launi-launi, a datse zaren robar da ke tsakiya. Fentin nan kuwa dalma ba ta kama shi. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a tara ɗigon dalma a bakin ƙarfen da ke narka ta, a tsoma bakin silin ciki na 'yan daƙiƙu har fentin ya ƙone, bakin ya fito fari yana ƙyalli. Masu ƙona shi da ashana suna barin baƙin toka, kuma silin yakan yi rauni.

Sannan a auna kafin a haɗa, kada a dogara da launi. An saba ganin ja na dama, kore ko shuɗi na hagu, launin jan ƙarfe giraun, amma kamfanoni ba su yi yarjejeniya a kan haka ba, kuma na makirfo wani lokacin a naɗe yake cikin wani damin. Mita ce za ta raba gardama. Dami biyun da suka ba da 33, su ne hanyar kunne ɗaya, kuma in kin sa hedifon a kunne za ki ji ɗan ƙaras a gefen da ake taɓawa, ki san ko hagu ne ko dama. In giraun ɗinsu ɗaya ne, tsakanin silin hagu da na dama za ki ga kusan ninki biyu, wajen 65, domin wutar ta ratsa sifiku biyu. Wannan awon yana da wani amfanin: in bayan yankewa kunnuwan biyu sun ba da lamba mai kyau, kuma ba ta motsi in an girgiza sauran igiyar, kin tabbata ciwon yana cikin guntun da aka yar. In hagu har yanzu OL ne, a dakata da dalma, akwai wani wurin a sama.

In tsakiyar igiya ne, ana yanke wurin a cire, a haɗa launi da launi, kowane haɗi a rufe shi shi kaɗai, sannan a rufe duka da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Gaskiya ba na son wannan gyaran sosai. Haɗin yana zama wuri mai tauri, gefensa biyu kuma su zama sabbin wuraren lanƙwasa. In tsinkewar ba ta yi nisa da filogi ba, gara a haƙura da tsawon, a yanke daga nan a sa sabon filogi.

In a gindin kunnen ne, sai an buɗe shi. Manyan da ke rufe kunne sukan zo da sukurori a ƙarƙashin soson, buɗe su ba wuya. Ƙananan da ake cusawa cikin kunne da gam aka manne su, wasu suna buɗuwa, wasu sai sun fashe. A ciki za a ga ɗigon dalma biyu inda igiya ta sauka, kusa da su kuma akwai silin sifikar kanta, waɗanda suka fi gashi sirantaka. Zafi ya daɗe a wurin ko hannu ya goce, sifikar ta tafi har abada. Wani lokacin ma ba tsinkewa za a tarar ba, silin ne ya ɓalle daga ɗigon dalmarsa saboda an fizgi igiyar. In ba ki taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, kada ki fara koyo a nan, kai wa mai gyaran waya ko rediyo. In hedifon ɗinki babba ne da igiya ke shiga ta gefe ɗaya, ki sani akwai siririyar waya da ke bi ta cikin bakan da ke kan kai zuwa ɗaya kunnen, takan tsinke a wurin naɗewa ko wurin ƙara tsawo, don haka ki motsa waɗannan gaɓoɓin ma lokacin gwaji.

Abu biyu za su iya canza lissafin gaba ɗaya. In igiyar irin wadda ake cirewa daga jikin hedifon ce, ba a bukatar yanka ko dalma, a sayi wata igiyar. In kowane kunne da nasa mahaɗi, ki sauya su, hagu a dama, dama a hagu, ki ga ko shirun ya bi igiya ko ya zauna a kunnen. In kuma bakin ba zagayayyen filogi ba ne, irin USB-C ne, yawancinsu akwai ɗan allon lantarki a cikin kan, don haka gwajin yatsu zai yi aiki amma awon mita da na kwatanta ba zai yi ba, kuma gyaran gindinsa ya fi ƙarfin aikin gida.

Shawarar yayanki ba banza ba ce gaba ɗaya, amma ki san iyakarta. Tef ba ya haɗa jan ƙarfe. Abin da zai iya shi ne ya riƙe igiyar a lanƙwasar da bakunan ke taɓa juna, ki samu kwanaki kina saurare kafin a gyara. In za ki yi, ki tura wurin har sautin ya zauna, ki ɗora ɗan tsinke a gefe, ki naɗe su tare. Amma sauran silin da ke wurin suna nan suna gajiya, kuma tsinken ya mayar da lanƙwasar zuwa ƙarshensa.

In za ki kai wa mai gyara, ki je da zarenki a ɗaure, ki nuna masa tura da ja a gabansa, ki gaya masa filogin mai gida huɗu ne kuma kina son makirfo ya ci gaba da aiki, domin wani zai sa mai gida uku ya ce ai sauti ya dawo. Kafin ki bar wurin ki gwada kunnuwan biyu, ki tabbatar hagu bai koma dama ba, ki kira wani ki ji ko yana jin muryarki, ki danna maɓallan. Bayan gyara kuma, abin da ya karya ta da farko zai sake karya ta in bai canza ba: ki riƙa kama jikin filogi in za ki cire, ki daina naɗe igiyar a jikin waya tana soke, in za ki ajiye ki naɗe ta a yatsu huɗu sakwa-sakwa, ki bar ɗan tsawon da ke gindin filogi a miƙe.